Takardar da ta faɗi abin da ɗalibi bai ji ba

Duk lokacin da wani ya hau mumbari ko ya kafa waya a gabansa ya saki maganar da ta tada ƙura, sai a dawo kan tsohuwar tambaya: wa ya ba shi izinin karantar da mutane? A Kaduna mun sha jin amsoshi iri biyu. Wasu na cewa gwamnati ta riƙa ba masu wa'azi lasisi. Tun 1984, zamanin mulkin soja, jihar nan ke da dokar tsara wa'azi, kuma a 2016 aka kai wa majalisar jiha ƙudurin sabunta ta, da sharaɗin lasisin da za a riƙa sabuntawa duk shekara, aka yi ta cacar baki tsakanin gwamnati da malamai da fastoci. Wasu kuma na cewa a koma ga ijaza irin ta magabata, wato izinin da malami ke ba ɗalibinsa, duk wanda ba shi da ita ya yi shiru. Na fi karkata ga na biyun, amma ina ganin yawancin masu kiran sunan ijaza suna ɗaukar ta wata abar da ba ita ba ce. Sun mayar da ita kamar takardar naɗin sarauta, alhali ita takarda ce mai ƙunci, mai ƙididdige abin da aka ba mutum da abin da ba a ba shi ba.

Bari in kawo wani ɗan labari. Ni na tsara shi, mutanen cikinsa ba su da suna a tarihi, amma yadda ake karatun da yadda ake rubuta takardar haka suke a littattafan masana hadisi.

A Tumbuktu ne, zamanin Askiya Dawuda, wanda ya mulki Songai daga 1549 zuwa 1582. Wani saurayi ya biyo ayarin fatake daga Katsina, ya sauka a unguwar Sankore wajen wani malami. Ya riga ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Risala a gida, yana da ɗan nahawu. Abin da ya kawo shi Muwaɗɗa ce ta Imamu Malik.

Malam bai fara da karatu ba. Ya ɗauko nasa kwafin daga gafaka, warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, ya ce ya kwafe da hannunsa. Takarda a lokacin daga ƙetaren hamada take zuwa, tana da tsada, don haka saurayin ya yi ta kwafar wa wasu ƙananan littattafai ana biyansa, da kuɗin yake sayen tasa. Da ya gama juzu'i, sai a zaunar da shi da wani babban almajiri, ɗaya na riƙe da kwafin Malam yana karantawa da ƙarfi, shi kuma yana bin nasa da yatsa. Wannan ita ce muƙabala. A ƙarshen kowane hadisi akwai ɗan da'ira da ya zana ya bar cikinsa fayau. In an gwada hadisin da asali an ga ya yi daidai, sai ya ɗiga tawada a tsakiyar da'irar. Duk wanda ya ɗauki littafin daga baya, da ganin da'ira babu ɗigo ya san ba a tantance wurin ba.

Sai karatu a gaban Malam, bayan sallar asuba har hantsi. Saurayin na karantawa, Malam na saurare ido rufe, sauran ɗalibai na bin nasu kwafin. In ya kauce a wasali ko a sunan mai ruwaya, Malam ya ce, “Sake.” In an tashi, sai a rubuta a gefen warƙa cewa karatu ya iso nan, da ranar da aka yi shi.

Ana tsakiyar littafin, ruwan kogi ya cika, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Zama uku aka yi ba ya nan, wani ɗalibi ya karɓi karatun, aka wuce wasu babuka na ciniki. Da ya warke ya dawo ya ɗora daga inda aka tsaya. A ɗaki da dare ya karanta babukan da suka wuce shi, har ya haddace su, bai ga wani abu mai wuya a ciki ba.

Ranar da aka sauke littafin, aka yi addu'a, aka raba dabino. Malam ya jawo warƙar ƙarshe ta kwafin saurayin, ya tsoma alƙalami. Ya fara da basmala da salati, sannan ya rubuta cewa wane ɗan wane Bakatsine ya karanta masa Muwaɗɗa, ruwayar Yahya bin Yahya al-Laisi, daga farko zuwa ƙarshe. Sai ya ɗaga kai.

“Zama nawa ka rasa lokacin da kake kwance?”

“Uku, Allah gafarta Malam. Amma na karanta su, na haddace.”

“A gaban wa?”

Saurayin ya sunkuyar da kai.

Malam ya ci gaba da rubutu: ban da daga babi kaza zuwa babi kaza, waɗannan sun kuɓuce masa, bai karanta mini su ba, bai ji su daga gare ni ba, na ba shi izinin ruwaito su da ijaza kawai. Sannan ya jero malaminsa, da malamin malaminsa, har zuwa Yahya, har zuwa Malik. Ya sa sharaɗin da aka saba, cewa ya ruwaito daga kwafin da aka tantance, ya kiyaye amana, ya rubuta wata da shekara, ya ambaci waɗanda suka halarta, ya sa sunansa.

Idon saurayin ya ciko. Ya ce, “Malam, in na koma gida mutane za su ga wannan layin su ce karatuna da giɓi.”

Malam ya ce, “Da giɓi mana, ɗana. Ayari zai tashi jibi. In kana so ka zauna ka karanta mini su, sai in rubuta ƙari a ƙasa, ka jira wani ayarin. In kana so ka tafi, ka tafi da gaskiyarka. In ka zo waɗannan babukan kana karantarwa, kada ka ce na karanta wa Malam, ka ce Malam ya ba ni izini.”

Ya zaɓi tafiya, don guzurinsa ya ƙare. A daren da zai tashi wani falke da za su yi tafiya tare ya same shi da matsala: ya karɓi kuɗin gishiri tun kafin kaya su iso, abokin cinikin ya mutu, magada na neman kuɗinsu shi kuma yana so ya ba su gishiri. Ya ji an ce yaron ya sami ijaza. Saurayin ya koma wajen Malam ya tambaya ko zai iya ba da amsa. Malam ya ce ya buɗe takardar ya karanta masa inda aka rubuta fatawa. Babu. Tare suka kai falken wajen alƙali.

Nan labarin ya tsaya. Abin da ya ja hankalina a cikinsa layin nan ne na “ban da”, wanda saurayin ya ji kunyarsa. Ba ni na ƙago irin wannan togaciyar ba. Shi kansa Yahya bin Yahya, mutumin Andalus da ya rasu a 848, wanda ruwayarsa ce Muwaɗɗar da ke hannunmu a zaurukan Zariya da Kano, haka ya yi. Ya je Madina ya ji littafin daga Malik, amma akwai babuka uku a ƙarshen kitabul i'itikafi da ya yi shakkar ko ya ji su daga bakinsa. Bai ce ai duk ɗaya ne ba. Ya ruwaito su ta hannun Ziyad bin Abdurrahman, malaminsa na Andalus, daga Malik. Har yau wanda ya buɗe littafin a wannan wuri zai ga sunan Ziyad ya shiga tsakani. Fiye da shekara dubu da ɗari ana kwafar littafin ana bugawa, ba wanda ya goge wannan shakkar don a gyara wa Yahya suna. Ita ce ma ta sa aka amince da sauran abin da ya ce ya ji.

Masana hadisi, irin su Alƙali Iyal mai littafin Ashafa da Ibnus Salah, sun lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi daga malami. Biyu ne a sama: ka ji daga bakin malami, ko ka karanta masa yana saurare. Ijaza a bayansu take zuwa, ita ce malami ya ce na yarje maka ka ruwaito littafi kaza daga gare ni, ko da ba ku bi shi tare ba. Can ƙasa akwai wijada, wato ka tsinci rubutun mutum ka karanta da kanka. Kowace hanya da lafazin da ake faɗar ta da shi, don mai saurare ya san nauyin abin da ake ba shi. Wanda ya tsinta ba zai ce “ya ba ni labari” ba, sai dai ya ce “na samu a rubutun wane”. Da za a auna mu da wannan sikelin, mafi yawan abin da ke yawo a wayoyinmu da sunan karatu wijada ce, kuma wijada daga kwafin da ba a san wanda ya tantance shi ba. Ba haramun ba ce, magabata sun yi amfani da ita. Bambancin dai su sukan faɗa.

Wani zai ce wannan duk wahalar zamanin rubutun hannu ce, yanzu da injin buga littafi me ya rage? Akwai gaskiya a ciki, amma rabi. Kuskuren da karatu a gaban malami ke kamawa ba na mai kwafa kaɗai ba ne, har da na idon mai karatu. Misalin da aka fi kawowa shi ne na hadisin azumin kwana shida na Shawwal, wanda duk muka sani da Sitta Shawwal. Wani masanin adabi na Bagadaza, Abubakar as-Suli, ya karanta kalmar da ke nufin shida a matsayin wata kalma mai kama da ita a rubuce da ke nufin wani abu. Ɗigo ne kawai ya bambanta su, amma hadisin ya tashi daga kwana shida ya koma “wani abu daga Shawwal”. Mutum ne mai ilimi, Larabci harshensa. To ina ga ɗanmu na Rigasa ko Tudun Wada da ya sauko da littafi a waya, babu wasali, ya yi shekara biyu a makarantar dare, ya fassara wa kansa, gobe ya kafa kyamara? Kuskurensa ba zai tsaya a ɗigo ba. Zai karanta hukuncin da aka shafe ya ɗauka yana nan, ko ya ɗauki maganar da marubuci ya kawo don ya rushe ta a shafi na gaba ya ce ra'ayin marubucin ke nan. Alamar irin wannan karatun ba ta ɓuya ga wanda ya zauna a zaure: mutum ya kawo ibara tiryan-tiryan, amma a tambaye shi abin da ke gabanta da abin da ke bayanta a littafin, sai ya fara kame-kame.

Sai batun falken gishiri, wanda a ganina nan ne muka fi ruɗewa. Izinin ruwaya daban, izinin karantarwa daban, izinin fatawa daban. Na farko yana cewa wannan mutum ya ɗauki lafazin littafin daidai. Bai ce ya fahimce shi har zai iya warware rigimar gado ko ta saki ba. An ruwaito daga Malik cewa bai zauna ba da fatawa ba sai da mutum saba'in daga malaman Madina suka shaida ya cancanta. Mu kuwa da an ji yaro ya iya jan baƙi da murya mai daɗi, washegari mata na turo masa tambayar idda, 'yan kasuwa na tambayarsa hukuncin bashin banki, shi kuma kunya ta hana shi cewa wannan ba fagena ba ne. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, mu masu tambayar mun fi shi.

In ana son ganin yadda cikakken izini ke samuwa a garin da na sa labarina, a duba Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556 ya rasu a 1627. Ya rubuta tarihin malaminsa Muhammad Bagayogo, Bawangare, ya ce ya lazimce shi fiye da shekara goma. Muhtasar na Halil, wanda almajiranmu ke rabawa Lawwali da Sani, sun bi shi tare kusan sau takwas, tsakanin wanda ya karanta da kansa da wanda ya saurari wani na karantawa. Ya lissafa littattafan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda suka gama da wanda suka ɗauki wani sashe kawai, sannan ya ce malamin ya rubuta masa ijaza da hannunsa. Wato takardar a ƙarshe ta zo, bayan malamin ya san ɗalibin ciki da bai. Irin wannan lissafin bai tsaya a Tumbuktu ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta ɗan littafi musamman, Ida'un Nusukh, yana faɗin malaman da shi da Shehu Usmanu suka yi karatu a wajensu da abin da suka ɗauka daga kowanne. Mai son ganin irin waɗannan rubuce-rubuce da idonsa ba sai ya yi nisa ba, akwai tarin littattafan hannu a Gidan Arewa da kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, duk a nan cikin Kaduna.

Yanzu a ajiye wannan takarda kusa da lasisin gwamnati. Lasisi yana cewa an yarda wane ya yi wa'azi na shekara guda. Wa'azin me? Daga wane littafi? Wa ya saurare shi ya ce “sake”? Ba ya faɗa, kuma ba zai iya faɗa ba, don kwamitin da ya zauna ya tantance mutum ɗari a mako bai da lokacin jin ko babi ɗaya daga bakin kowannensu. Abin da zai iya dubawa shi ne ko mutum na da wanda ya tsaya masa a ƙungiya, da ko bakinsa na taɓa masu mulki. Mun san garinmu. Mun san yadda Izala da ɗariƙu suka yi shekaru suna ja-in-ja, mun san yadda kujera ke juyawa duk bayan zaɓe. Ranar da kwamitin ya faɗa hannun ɓangare ɗaya, malamin ɗaya ɓangaren da ya shekara talatin yana karantar da Risala a zaurensa zai iya wayar gari ba shi da izini, wani kuma da bai gama Ahalari ba ya fito da kati a aljihu. Sa hannun da ke kan lasisi na ofis ne, in mai lasisin ya yi ɓarna ba wanda zai ji kunya. Wanda ke kan ijaza na mutum ne da ake gani a masallaci, in ɗalibinsa ya kwafsa shi za a nuna da baki.

Ba ina cewa gwamnati ta naɗe hannu ba. Wanda ya tunzura jama'a su far wa maƙwabtansu, garin da ya ga abin da ya gani a 2000 da 2002 ba ya bukatar a yi masa bayanin illarsa. Amma wannan laifi ne, a kama mai shi a kai kotu, ko yana da ijaza goma ko ba shi da ko ɗaya. Lasifikar da ke hana unguwa barci ita ma a yi mata doka. Abin da nake ƙi shi ne hukuma ta zama ita ke auna ilimi, aikin da ba ta da ma'auninsa.

Masu ɗaga tutar ijaza kuma kada su yi saurin tafi, don ita ma tana lalacewa, kuma tun da daɗewa ta fara. An kai lokacin da malami zai ce na yi ijaza ga duk Musulmin da ya riski zamanina. An riƙa kai jarirai majalisin tsoho mai gajeren isnadi, wato wanda masu ruwaya kaɗan ne tsakaninsa da asalin littafi, don a rubuta sunansu, wai in sun girma su yi alfahari da kusanci. Malamai sun yi ta gardama a kan ingancin irin waɗannan, wasu daga cikin na farko ma ba su yarda da ijaza ba sam. An ruwaito daga Shu'uba cewa da ijaza ta halatta da tafiya neman ilimi ta zama banza. Wannan tsoron nasa ya tabbata a idonmu. Yau ana shirya daura, wato taron karatu na 'yan kwanaki, a tara mutane cike da ɗaki, mai karatu na zuba gudu kamar motar da ta ƙwace, rabin mahalarta na duba waya, a ƙarshe a raba takarda mai ado da hatimi da dogon isnadi. Wasu ma ta intanet ake aiko musu. Ban ce babu albarka a zama inda ake karanta hadisi ba, kuma in takardar ta faɗi gaskiyar yadda aka yi, ba ta yi ƙarya ba. Matsalar tana farawa ne ranar da aka sa ta a gilashi aka rataye a bayan kujerar da ake ɗaukar bidiyo, ana nuna wa jama'a ita a matsayin shaidar fahimta. Hanya mafi sauƙi ta gane irin wannan ita ce a nemi togaciya a cikinta. Mutum ɗari biyu sun zauna kwana bakwai, ba wanda ya makara, ba wanda ya fita alwala, ba wanda gyangyaɗi ya ɗauka? Tsoffin takardun sauraro sukan rubuta wanda ya zo a makare da inda ya tarar, har da wanda aka gani yana barci ko yana hira.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji shi ba. Tsarin da ya dogara ga yardar malami yana iya zama shingen gidaje. A Tumbuktu kanta alƙalanci ya daɗe a hannun gida ɗaya, gidan Aƙit, wanda Ahmad Baba ya fito daga ciki. Ɗan talaka mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya shekara yana ɗaukar buta ba a ce masa ya isa ba, ɗan gida kuwa a naɗa masa rawani da wuri. Mu ma nan mun san zaurukan da gado ya fi karatu ƙarfi. Rediyo da kaset da makarantun Islamiyya, tun zamanin da ake sa tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello a gidan rediyon Kaduna, sun buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe ga mutane da yawa, musamman mata, kuma ba na fatan a mayar da ita. Sai dai abin da ke rage wannan illa yana cikin tsarin kansa: ba malami ɗaya ne a gari ba. Wanda aka hana a wannan zaure zai iya ɗaukar gafakarsa ya tafi wancan, ko wani garin. Ijaza ba ta taɓa zama a hannun hukuma guda da in ta rufe maka ƙofa shi ke nan ba. Kuma a fagen ruwaya ba a ware mata ba. Karima al-Marwaziyya, wadda ta rasu a Makka wajen 1070, manyan malamai maza sun yi tafiya sun karanta mata Sahihul Buhari, kuma an san ta da ƙin barin a ruwaito daga gare ta sai an gwada kwafi da nata.

Digirin jami'a fa? Ina girmama shi, kuma yana koyar da abubuwan da zaure ba ya koyarwa, kamar bincike da gwada ra'ayoyin mazhabobi. Amma shi ma shaidarsa a dunƙule take. Mutum na iya fita da digiri a fannin addinin Musulunci bai taɓa bin littafin fiƙihu ɗaya daga bango zuwa bango a gaban kowa ba, sai 'yan takardun darasi da ya haddace don jarrabawa. Wani kuma ya haɗa biyun, ya yi jami'a da rana ya yi zaure da asuba. Takardar digirin ba za ta bambanta maka su ba.

Abin da nake so a ɗauko daga tsohon tsarin ba ya bukatar doka ko kasafin kuɗi. Kwamitin masallacin unguwa, a Kawo ne ko Badarawa ko Unguwar Sanusi, in zai ɗauki mai tafsirin azumi ko mai karantar da matan aure, yakan tambayi ƙungiyarsa da yawan mabiyansa da abin da za a ba shi. A ƙara da tambaya uku: wane littafi za ka karantar, a gaban wa ka karanta shi, daga ina zuwa ina? In malamin da ya ambata yana raye, lambar wayarsa ba ta fi ƙarfin kwamiti ba, a kira a ji. In ya rasu, yana da ɗaliban da suka zauna tare. Wanda ya ce Iziyya da Risala na gama a wajen wane, Muhtasar kuwa na tsaya a babin aure, a ba shi abin da ya gama ya karantar, a gaya wa jama'a tambayar gado ba nan za a kawo ta ba. Malaman zaure da na Islamiyya su ma su daina sallamar ɗalibi da addu'a kawai ko da satifiket ɗin da aka buga iri ɗaya ga kowa. Layi biyar da hannunsu a bayan littafin ɗalibin sun isa: abin da ya karanta, abin da ya saurara, abin da ya wuce shi, da ko an yarje masa ya karantar ko ruwaya kawai.

Na san wasu za su ji tambayar “a gaban wa” kamar raini, musamman in mai amsawa ya girme wa mai tambaya ko ya riga ya yi suna. Za a ce wane ne kai da za ka tuhumi Malam. Amma Ibnu Sirin, tun ƙarni na farko na Hijira, cewa ya yi wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku, kuma da jama'a yake magana ba da hukuma ba. Wanda ya yi karatun da gaske ba ya jin haushin tambayar, sau da yawa ma daɗi take yi masa, don dama ce ta ambaton malamansa ya yi musu addu'a, sai ka gaji da saurare. Wanda ransa ya ɓaci, ko ya ce shi daga Alƙur'ani da Sunna kai tsaye yake ɗauka ba ruwansa da wani malami, kwamiti ya gode masa ya nemi wani.